Yara uku a shago, Talata ana hamma, Juma'a ana gumi: yaya zan raba musu aiki?

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da shagon kayan masarufi a Wudil, kusa da bakin titi. Muna buɗewa ƙarfe 7 na safe mu rufe ƙarfe 10 na dare, kullum. Yarana uku, kuma duk ukun tare suke zuwa, tare suke tashi. Litinin da Talata sai ka same su a zaune babu abin yi, ɗaya yana gyangyaɗi a kan buhun sukari. Ranar Juma'a kuwa, da yake ita ce ranar kasuwarmu, ko ruwa ba sa samun sha. Makon jiya babban cikinsu ya ce min ya gaji, wata uku bai kwana a gidan mahaifiyarsa ba. Maganar ta tsaya min a rai, domin yaro ne mai amana kuma ba na son rasa shi. Ina so in tsara musu jadawali na mako, kowa ya san ranar hutunsa, amma ban san ta ina ake farawa ba. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Mai Goro: Wa alaikumus salam. Alhaji abin ai mai sauƙi ne. Ka ba su hutu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowa ya je ya gaida iyayensa. Haka muke yi a nan.

Baban Walida: Malam Mai Goro, a Wudil Juma'ar ce ranar cin abincinmu. Mutanen ƙauye da 'yan kara duk ranar suke shigowa. In na rufe da rana ranar Juma'a, na rufe rabin makon ke nan.

Mai Goro: Af, ban lura da Wudil ka ce ba. A yi haƙuri.

Abu Safwan: Ka ɗauko littafin ciniki ka duba kuɗin da ke shigowa kowace rana. Ranar da kuɗi suka fi yawa ka zuba yara, ranar da suka yi ƙasa ka rage. Shi ke nan, ba sai an wahala ba.

Hajiya Mai Kanti: Baban Walida, sannu da ƙoƙari, kuma Allah Ya saka maka da ka damu da gajiyar yaron. Shekaru na yi ina fama da irin wannan kafin na gane kansa. Abu Safwan ya kama hanya da ya ce a duba littafi, amma kuɗi suna yaudara. Mutum ɗaya zai zo ya ɗauki buhun shinkafa da katan ɗin taliya, cikin minti biyar an gama, kuɗi masu yawa sun shiga. A gefe guda yara ashirin za su zo, wannan magi, wannan omo, wannan a auna masa rabin kwanon gari, wannan ya tsaya jiran canji. Kuɗinsu duka bai kai na buhun nan ba, amma sun cinye maka awa biyu. Yaro ba kuɗi ke gajiyar da shi ba, ƙafar da ke shigowa ce. Don haka mutane za ka ƙirga.

Ga yadda za ka yi. Awa 15 kake buɗe, to ka raba yinin gida uku, awa biyar-biyar: zangon safe daga 7 zuwa 12, zangon rana daga 12 zuwa 5, zangon dare daga 5 zuwa 10. Ka sami takarda ka ja layi uku ka manna kusa da durowar kuɗi. Duk wanda aka sallama, wanda ya karɓi kuɗin ya ja kara ɗaya a layin zangon. Ka yi haka mako biyu cur, kar ka canza komai tukuna. Sannan ka tsaya da kanka a lokacin cunkoso ka duba agogo, ka ga mutum nawa yaro ɗaya yake iya sallama a awa ɗaya ba tare da layi ya taru ba. Idan ka kawo min waɗannan, sai mu zauna a kansu.

Abu Safwan: Hajiya na yarda da rabi. Amma ranar manyan kuɗi ai ita ce ranar da ake buƙatar ido a kan durowa. Ba a raina wannan ba.

Hajiya Mai Kanti: Gaskiyarka. Kuɗi su ne ke gaya maka WA za ka ajiye a ranar, ƙirgen mutane kuma ya gaya maka mutum NAWA. Za mu zo kansa.

Dattijon Kwari: Ni dai ban gane wannan sabon salon ba. Mu da muka tashi a kasuwa, shekara takwas na yi a gaban maigidana, ban san wani abu wai ranar hutu ba sai sallah. Zaman nan da kuke gani kamar banza, a cikinsa yaro yake koyon kasuwa, ya san farashi, ya san fuskar mai biyan bashi da mai cinyewa. Yaron shago ba ma'aikacin gwamnati ba ne.

Maman Ihsan: Baba, Allah Ya ƙara girma, amma ku a ƙarshen shekara takwas ɗin an sallame ku da jari. Yawancin yaran yanzu kuɗin wata ko na yini ake ba su, babu alkawarin komai a gaba. Ƙanena ya yi aiki a wani kanti, daga safe har dare kwana bakwai, wata biyar ya kwanta ciwo. Da ya warke ya tarar an sa wani a gurbinsa.

Dattijon Kwari: Wannan kam an zalunce shi, 'yata. Ban goyi bayan haka ba. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya saba da duba agogo a gaban kwastoma.

Baban Walida: Salam. Na dawo da ƙirgen, mako biyu kamar yadda Hajiya ta ce, na haɗa na raba biyu. Na jera su safe, rana, dare:

Litinin 38, 30, 62
Talata 35, 28, 58
Laraba 40, 33, 65
Alhamis 45, 70, 95
Juma'a 140, 120, 130
Asabar 75, 45, 85
Lahadi 42, 40, 80

Na kuma tsaya da agogo. Idan babu matsala yaro yana sallamar mutum 12 a awa. Amma da zarar an ce tiransifa za a yi, aka tsaya jiran alat, ko na'urar POS ta ƙi karɓar kati, sai abin ya koma 9 ko 10. Wani abu ya ba ni mamaki: na ɗauka Lahadi rana ce matacciya, ashe darenta ya fi na Litinin nesa.

Hajiya Mai Kanti: Madalla, yanzu muna da abin kamawa. Kar ka yi lissafi da 12, wannan na ranar da komai ya tafi daidai ne. Ka ɗauki 10 a awa, wato mutum 50 ga yaro ɗaya a zango ɗaya. Duk zangon da bai wuce 50 ba, yaro ɗaya ya isa. Daga nan zuwa 100, biyu. Sama da 100, uku.

Duba Litinin, Talata, Laraba da Lahadi: duk fasalinsu ɗaya ne, mutum ɗaya da safe, ɗaya da rana, biyu da dare. Gurbi huɗu ke nan kowace rana. Alhamis ɗaya da safe, biyu da rana, biyu da dare, gurbi biyar. Asabar ma biyar, sai dai ita safe da dare ne masu nauyi. Juma'a uku-uku a kowane zango, tara. In ka tara duka, gurbi 35 shagonka yake buƙata a mako. A yanzu kuwa yara uku suna zaman zango uku kwana bakwai, gurbi 63. Kusan rabin zaman da suke yi, shagon bai nema ba. Gajiyar da yaronka ya faɗa maka daga nan take.

To idan kowane yaro zai yi zango biyu a rana, kwana shida, yana da 12 a mako, su uku 36. Ka ga ya isa. Inda za ka ci karo shi ne Juma'a: tana son tara, su kuma shida kawai za su iya bayarwa. Sauran ukun naka ne, Alhaji. Ranar Juma'a babu zuwa ko'ina, kai ne na uku daga safe har dare, kuma kai ne a kan durowa. Amsar Abu Safwan ke nan.

Hutu kuma ya faɗa a Litinin, Talata da Laraba, mutum ɗaya kowace rana. Biyun da suka rage, ɗaya ya yi safe ya tafi ya dawo da dare, ɗayan ya shigo ƙarfe 12 ya zarce har a rufe. Ka lissafa ka gani, ya ba ka ɗaya, ɗaya, biyu daidai.

Abu Safwan: To wanda ya rufe ƙarfe 10, kafin ya ƙirga kuɗi ya kai gida 11 ta yi, shi ne kuma zai buɗe ƙarfe 7? Ai an gudu ba a tsira ba.

Hajiya Mai Kanti: Tambaya mai kyau, kuma a nan yawancin jadawali ke lalacewa. Maganinta shi ne wanda ya huta jiya shi ke buɗewa yau. Babban yaro ya huta Litinin, shi zai buɗe Talata. Na biyu ya huta Talata, shi zai buɗe Laraba. Na uku ya huta Laraba, ya buɗe Alhamis. Litinin kuma wanda zai buɗe sai a ba shi safe da rana ranar Lahadi, ya tashi ƙarfe 5 ya yi barcinsa, sauran biyun su shigo da yamma kawai tunda daren Lahadi ne mai mutane. Ka ga su biyun sun sami rabin yini kyauta a kan hutunsu.

Baban Walida: Hajiya Allah Ya biya ki. Akwai abubuwa biyu da ban faɗa ba. Na ukun ɗalibi ne a jami'ar nan ta Wudil, yana da lacca da safe daga Litinin zuwa Alhamis, dama a makare yake zuwa, ina kawar da kai ne. Na biyun kuma daga ƙauye yake zuwa a kan acaɓa. Idan na ce ya yi safe ya tafi ya dawo da dare, kuɗin acaɓa sau huɗu ke nan a rana.

Hajiya Mai Kanti: Ɗalibin ya zo mana da sauƙi a Litinin da Talata, domin dama shi ne mai shigowa ƙarfe 12. Laraba hutunsa. Alhamis ce matsala, ba zai buɗe ba. Kuma safiyar Alhamis ina so ka sa mutum biyu, ba don kwastoma ba, don kaya. Yaushe kake sari?

Baban Walida: Laraba nake shiga kasuwar Singa ta Kano, kayan su iso da daddare ko Alhamis da safe.

Hajiya Mai Kanti: To ka gani. Sauke kaya, jera su a kanta, ƙulla sukari da gishiri a leda saboda Juma'a, duk aiki ne da takardar ƙirge ba ta nuna shi, tunda ba kwastoma ba ne. Shi ya sa gurbin da ya yi rara ranar Alhamis a nan za ka kashe shi. Babban da na biyun su yi safiyar. Da yake su biyun suka rufe daren Laraba, ka sallami wanda zai buɗe tun ƙarfe 9, kai ka tsaya a rufe da kai, ɗayan kuma ya iso ƙarfe 8 da rabi lokacin da kaya ke sauka. Ba cikakkiyar mafita ba ce, amma da dama-dama.

Maganar ɗan ƙauyen, ni ba zan ba shi aikin tafi-ka-dawo fiye da sau biyu a mako ba, kuma ranar ko dai ka biya acaɓar, ko ka samar masa inda zai kwanta da rana. Amma ba a cikin shagon ba. Duk yaron da ya huta a cikin shago bai huta ba, kwastoma na shigowa za a ce tashi ka miƙo.

Ɗan Maraɗi: Ni matsalata daban. Na taɓa raba wa yarana biyu lokaci haka, safe da marece. Wata guda kuɗi suka yi ta ɓacewa kaɗan-kaɗan, na safe ya ce na marece ne, na marece ya rantse ba shi ba ne. Har yau ban san gaskiya ba, kuma na rasa su duka biyun. Da suna tare kullum ban ga haka ba.

Malam Na Lissafi: Ɗan Maraɗi, abin da ya same ka ba laifin rabon lokaci ba ne, rashin tsarin miƙa durowa ne. Duk lokacin da durowa za ta tashi daga hannun wani zuwa wani, a tsaya minti goma. Mai tafiya da mai karɓa su ƙirga tsabar kuɗi tare, a rubuta. A duba abin da ya shiga ta POS da tiransifa a zangon, a rubuta. A buɗe littafin bashi a ga wa aka ba, su biyun su sa hannu. Kuma mai shigowa ya zo kafin lokacinsa da kwata, kada ƙirgen ya faɗa a kan kwastoma. Idan an sami giɓi, an san zangon, an san mutumin, tun ranar. Wannan kariya ce ga yaro mai gaskiya kafin ma ta zama tarko ga marar gaskiya.

Sai abu ɗaya da nake so Alhaji ya sani. Hutun nan ba alfarma ba ce kawai. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 13, ta ce a cikin kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da hutun yini ɗaya wanda bai gaza awa 24 a jere ba, kuma wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi hutun da jimillarsa ta kai awa ɗaya. Don haka mai shigowa 12 ya tashi 10, sai an cire masa lokacin salla da cin abinci na gaske, ba cin tsaye ba.

Maman Ihsan: Awa goma sau shida fa awa 60 ne a mako. Har yanzu da yawa. Kuma tambayata, Alhaji: kuɗin yini kake ba su ko na wata? In na yini ne, ranar hutun ta zama ranar yunwa, da kansu za su ce ba sa so.

Baban Walida: Na wata ne, da kuɗin abinci kullum. Ba zan taɓa na watan ba. Kuɗin abincin ranar hutu ne nake ta tunani, har yanzu ban yanke ba.

Maman Ihsan: Ka bar musu shi don Allah. Ranar hutun ma ai ana cin abinci.

Abu Safwan: Ni kuma ina ganin a tara na ranar hutun a mayar da shi ihsanin Juma'a. Ranar da aka fi shan wuya a fi samu, sai ka ga babu mai neman uzuri ranar.

Mai Goro: To sallar Juma'a fa? Kun sa mutum uku a zangon rana, wa zai zauna?

Baban Walida: Babu mai zama, Malam. Ana kiran salla muke ja ƙofa, duk mu tafi. Sai dai da an sauko mutane ke yin caa a kanmu lokaci ɗaya, 120 ɗin nan da na rubuta yawancinsu tsakanin saukowa da la'asar ne.

Hajiya Mai Kanti: Wannan ya nuna maka iyakar zangon awa biyar. Yana ɓoye cunkoson da ke taruwa a awa ɗaya. Ranar Juma'a wanda zai tashi da rana kar ya tafi sai bayan la'asar, ku zama huɗu a wannan tsakanin, ka rama masa da safiyar Asabar ko Lahadi. Kuma kar ka riƙe takardar nan kamar an sassaƙa a dutse. Ƙirgenka na tsakiyar wata ne. Idan albashi ya shigo za ka ga Litinin ta canza fuska. Idan jami'a ta tafi hutu darenka zai ragu. Da azumi kuwa safe mutuwa take yi, komai ya koma bayan la'asar da bayan tarawihi, sabon jadawali za ka yi gaba ɗaya. Alamar da za ta gaya maka lissafi ya kauce guda biyu ce: ka ga mutum ya leƙo ya ga layi ya juya, ko ka ga yara biyu a zaune fiye da awa ɗaya. Ka ga ɗaya daga ciki sau uku a zango ɗaya, ka sake ƙirge.

Malam Na Lissafi: Hajiya a nan zan saɓa miki kaɗan. Kin kafe kowa a ranarsa. Ni na fi son ranar hutu ta riƙa zagayawa, wanda ya huta Litinin wannan makon ya huta Talata mako mai zuwa. In ba haka ba wani zai ce an fifita wani. Kuma ɗaurin aure da suna ba sa faɗowa ranar Talata, yawanci ƙarshen mako ne.

Hajiya Mai Kanti: Na gwada zagayawa, Malam, rikici ya fi yawa. Kowane mako sai wani ya ce ya manta, kuma ga ɗalibi da laccarsa ba ta zagayawa. Yaro yana son ya ce wa mahaifiyarsa duk Litinin ina nan tafe. Maganar biki kuma musanya ce maganinta: su biyu su daidaita, su gaya wa maigida kwana biyu kafin ranar, a gyara a takardar bango da biro. Banda Juma'a, sai lalura ta gaske.

Malam Na Lissafi: Musanya tana aiki ne idan yaran suna shiri da juna. In ba sa shiri, ƙaramin ne kullum zai riƙa haƙura.

Baban Walida: Salam jama'a. Yau kwana goma sha biyu da fara aiki da jadawalin. Na rubuta shi a kwali na manna bayan ƙofa, na kuma tura musu hotonsa a waya. Babban yaron ya je gida Litinin biyu a jere, ya tafi tun daren Lahadi bayan an rufe, mahaifiyarsa har ta aiko min da ƙuli-ƙuli. Miƙa durowa da farko sun ji kamar zarginsu nake, sai da na fara ƙirgawa da kaina a gabansu ranar Juma'a na sa hannu, sannan suka saki jiki. Inda nake da matsala shi ne safiyar Litinin: na biyun shi kaɗai ne, kuma bai iya POS sosai ba, sau biyu yana kirana daga gida. Na ce babban ya riƙa koya masa ranar Asabar da rana, tunda lokacin akwai rarar mutum. Kuɗin abincin ranar hutu na bar musu. Abin da ban warware ba shi ne ɗan acaɓar, jiya ya ce min tafi-ka-dawo ɗin Litinin da Laraba da Juma'a ya yi masa yawa, sau uku ke nan ba biyu ba. Hajiya, in na mayar da na Juma'ar kan babban, shi kuma zai buɗe Asabar bayan ya rufe. Ko akwai wata hanya?

Hajiya Mai Kanti: Turo min hoton kwalin in gani. Ina jin Asabar ɗin za mu taɓa, ɗalibin ba shi da lacca ranar amma shi ma ya rufe daren Juma'a. Ka tambaye shi ko zai iya buɗewa ƙarfe 7 in an sallame shi da wuri, kafin mu motsa komai.